Me za mu ce da takardar kotu mai hana sayar da gida ko rushe shi kafin a gama shari'a?

Uwar Marayu, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe bayan la'asar zan yi wa matan ƙungiyarmu bayani a kan gidajen gado, kuma yawancin tsofaffinmu Larabcin kotu ba ya shigarsu. Abin da lauyoyi ke kira amar mana'i waƙati nake nema wa suna. Ga misalin da zan kawo: uba ya rasu ya bar gida, babban wa yana riƙe da takardu, ya sami ɗan kasuwa da zai saya ya rushe ya yi shaguna, ƙannensa mata uku sun kai ƙara. Takardar da alƙali zai bayar kada a taɓa gidan, me sunanta da Hausa?

Bakano a Madani: Umarnin wucin-gadi. Haka gidajen rediyo ke faɗa kullum. A bakin kotu kuwa oda ake cewa, an yanko oda.

Ɗan Kasala: Hajiya ki ce hajaz kawai, kowa a nan ya san shi.

Lauya, Sinnar: Ɗan Kasala, kusa ka zo amma ba ɗaya ba ne. Hajaz alama ce da ake sa wa a rajistar fili, ta hana a juya sunan mai shi. Ba ta tsayar da mai gatari da diga. Umarnin da Hajiya ke magana kuwa mutum ake ba wa, a ce masa kada ka sayar, kada ka jinginar, kada ka rushe. Dokar tafiyar da shari'o'in madani ta 1983 ta ba kotu wannan dama idan aka nuna mata cewa dukiyar da ake jayayya a kai tana cikin haɗarin lalacewa, ko ɗaya daga masu shari'ar na shirin fitar da ita daga hannunsa. A misalinki, Hajiya, hajaz da umarnin duka matan nan ke bukata. Su shigar da ƙara, su haɗa da roƙo da bayanin rantsuwa, su ciro shahadar bahas daga ofishin rajistar filaye don a ga sunan wa ke kan gidan yau. Roƙon ya faɗi lambar fili da lambar murabba'i daidai, ya kuma faɗi abin da suka gani da ido: dillali ya kawo mutane, an zo an auna, an sauke bulo a ƙofar gida. "Muna jin tsoro zai sayar" ba ya isar alƙali.

Baffa na Mai Wurno: Ni dai wucin-gadi bai kwanta mini ba, oda kuwa ba ma sai na yi magana ba. Abin nan ba Bature ya kawo mana ba. Ku buɗe Tuhfa ta Ibnu Asim, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da ita, akwai fasalin tauƙifi. Malaman Malikiyya suna kuma ce masa uƙula, daga igiyar da ake ɗaure ƙafar raƙumi. To mu ma muna da kalmar: dabaibayi. Dabbar da aka yi wa dabaibayi tana nan, tana ci tana sha, ba ta dai yin nisa. Dabaibayin kotu. Shi ke nan an gama.

Bakano a Madani: Baffa, Allah ya ja da rai, amma in na ce wa mutum a Kano an yi wa gidansa dabaibayi, wurin mai magani zai nufa, ba wurin lauya ba.

Baffa na Mai Wurno: Yaro, ba Kano aka tambaya ba. Kakanninmu sun baro can tun bayan yaƙin Burmi a 1903, kuma akwai kalmomin da muka adana ku kuka zubar kuka ɗauki oda da beli. Kullum sai a ce Hausarmu ta gauraye da Larabci, taku da me ta gauraye?

Bakano a Madani: Ban raina Hausar kowa ba Baffa. Amma wanda ke cewa mahkama da muhami shi ne zai yi mana gorin aro?

Maman Ikram: Ku yi haƙuri in shigo. Mu ma a unguwarmu an zo an shafa jan fenti a katangu an ce za a rushe saboda hanya. Wannan dabaibayin zai tsayar da su? Kuma idan matan suka samu takardar, ai wan nasu zai fita daga gidan ko?

Lauya, Sinnar: Maman Ikram, naki daban ne. Rusau na hukuma shawara ce ta gwamnati, ƙalubalantarta ake yi ta hanyar shari'ar idara, a nemi a tsayar da aiwatarwa, kuma akwai wa'adi, kada ku zauna. Batun fita kuwa, a'a. Nan mutane suka fi ruɗewa. Takardar ba ta ce gidan na matan ba ne, ba ta ce na wan ba ne. Yana zaune a ɗakinsa, in rufi ya yi yoyo zai gyara. Abu uku alƙali ke aunawa: shin akwai magana ta gaske a ƙarar, shin ɓarnar da ake tsoro kuɗi zai iya gyara ta daga baya, kuma wa zai fi cutuwa, wanda aka tsayar ko wanda aka ƙi tsayar masa. Gidan da aka rushe ba ya dawowa, shi ya sa roƙon hana rusau ya fi saurin karɓuwa. Amma a gaya wa matan ba kyauta ba ne. Kotu na iya neman lamuni, kuma in ta bayyana babu dalili aka tsayar da cinikin mutum, zai iya neman diyya.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an fito daga kotu. A karɓi takarda a kai gida a sa a ƙarƙashin katifa. Dole a tabbatar an isar da ita hannun wan, a kuma kai wasiƙar kotu ofishin rajista, bayan 'yan kwanaki a sake ciro shahadar bahas. In ba ku ga an rubuta hajaz a jikinta ba, ƙofa a buɗe take, mai saye zai ce shi bai san komai ba, sai shari'a ɗaya ta zama biyu. In kuma gidan hiyaza ne marar rajista, babu littafin da za a sa wa alama, sai dai a sanar da dillalai da maƙwabta da shehun unguwa.

Uwar Marayu, Gadarif: To Lauya, kai wace kalma ka zaɓa?

Lauya, Sinnar: Umarnin dakatarwa har a gama shari'a. Wucin-gadi kaɗai bai faɗi abin da aka hana ba, bai faɗi zuwa yaushe ba. Kuma akwai na gaggawa da ake bayarwa kafin a ji ɗaya ɓangaren, shi gajere ne, sai an kira wan ya faɗi nasa sannan a sabunta ko a ɗage. Wannan ne ya fi cancantar wucin-gadi.

Baffa na Mai Wurno: Kalma shida! Wannan ai jimla ce, ba suna ba. Tsohuwa za ta riƙe wannan?

Ɗan Kasala: Ni har yanzu hajaz zan ce, a ofis shi za su gane.

Uwar Marayu, Gadarif: Na gode muku. Zan ce umarnin dakatarwa, in faɗi na Larabcin sau ɗaya don su gane shi a bakin lauya, hajaz kuma in bar shi hajaz. Baffa, dabaibayinka zan ara wajen bayyana cewa ba korar wan ake yi ba. Lauya, na gaggawan nan ban sami inda zan sa shi ba, zan kira ka da safe.

Baffa na Mai Wurno: Ara dai. Ki faɗa musu daga Mai Wurno ya fito.