Man haske kafin biki: gyara ne ko fariya?

Zainab: Salam ƴan uwa. Bikina saura wata biyu, mai gyaran jiki ta haɗa min man haske, shi ne Yaya Sani ya ce wai duk son a gani ne. Don Allah kula da jiki fariya ce ko mutunta kai?

Sani: Har yanzu ina kan bakata. Shi angon ai a haka ya gan ki ya ce yana so, to wa za ki burge da hasken in ba ƴan biki da masu hoto ba? Wanka da wanki sun ishi mutum.

Malam Habu: Sani ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. A hadisin Ibn Mas'ud da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi kan girman kai wani ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Kenan ado shi kaɗai ba laifi ba ne, sai in ya sa ka fara kallon na kusa da kai a wulaƙance. Sauya launin fata kuma magana ce daban, malamai da yawa sun hana saboda cutarwa da canza halitta.

Abba: Yaya Sanin da ke kai hularsa wajen mai wankin hula duk sati biyu, shadda kuma sai an buga ta tana ƙyalli, shi ne yau yake wa'azin son a gani? hhhh

Sani: Kai yaro hula ba ta shiga jini.

Anti Rabi: To a nan Sani ya faɗi daidai ko da da gatse ya faɗa. Zainab ƙanwata, shekarata fiye da goma ina aikin nas, tambaya ɗaya zan miki, robar man nan akwai rubutun abin da ke ciki? In haɗin gida ne na san babu. Yawanci abu uku ake zubawa, hydroquinone, ko man sitiroyid irin clobetasol wanda asalinsa maganin ciwon fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, ko kuma makyuri. Sitiroyid ɗin shi ke kawo hasken nan na sati biyu da kowa zai ce amarya kin yi kyau, amma sirantar da fata yake yi, sai ki ga korayen jijiyoyi sun fito, nankarwa a hammata da cinya, makero ya samu wurin zama, ranar da kika daina kuma ƙuraje su feso fuska ta yi ja tana zafi, dole ki koma, a nan mai sayarwa ta kama ki. Hydroquinone in an daɗe ana shafawa kumatu ne ke ƙonewa su yi baƙi mai wuyar fita, gaɓoɓin yatsu kuma su tona asiri. Makyuri ƙoda yake taɓawa, yana kuma iya kaiwa ga jariri a ciki ko ta nono. Ba banza ba NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bilicin a 2023. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne masu haihuwa ta tiyata, fatar da ta sha mai ɗinki ba ya kama ta da kyau, ciwon ya yi ta jan lokaci.

Zainab: Anti, mai gyaran jikin ta ce min oganik ne fa, wai karas da kurkur ne kawai.

Anti Rabi: Karas ba ya mayar da baƙa fara cikin kwana goma. Duk man da ya yi wannan saurin akwai abin da ba a faɗa miki ba. Ki yi dilka da halawa, ki sha lalle da turaren wuta da humra, dilka dattin saman fata take cirewa ta bar ki da launinki yana sheƙi.

Maman Hanifa: Ku dai kuna magana ne kawai. Ni na shafa shekara uku kuma wallahi ba fariya ba ce, dangin miji ne kullum sai an yi min gorin baƙi, da aka zo maganar ƙarin aure har a gabana ake cewa a samo masa fara. Na daina yanzu amma tabon kumatuna yana nan, hoda nake bi da shi. Maza ku ne kuke cewa fara ko mayya ce, sannan ku dawo ku ce mace ba ta gode wa Allah ba.

Malam Habu: Gorin da aka yi miki shi ne ainihin raina mutanen da hadisin ya ambata, Allah Ya ba ki haƙuri. Amma ba zan ce ya halatta shafawar ba.

Maman Hanifa: Ban ce ya halatta ba Malam, cewa na yi kar a kira shi fariya. Tsoro ne.

Sani: Na ji wannan. Amma dilkar ma nawa ake karɓa? Kuɗin sati biyu na gyaran amarya ya sayi buhun shinkafa, Baba kuma bai gama biyan kafinta ba.

Zainab: Kuɗin adashina ne Yaya, ban taɓa na Baba ba. Anti zan kawo miki robar gobe ki duba, na riga na shafa kwana huɗu, in daina lokaci ɗaya ko a hankali?

Anti Rabi: Kwana huɗu ba komai, ajiye shi yau. Ki taho da robar bayan la'asar ina gida.