Sa hannun mutum biyu kaɗai ya isa ya tsare asusun ƙungiya?

Sabon Ma'aji: Assalamu alaikum. An damƙa mini ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, kuma ƙa'idar da na gada ita ce kowane biyu cikin mutum uku, wato shugaba da sakatare da ni, suna iya fitar da kuɗi. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan amana kafin mu rubuta wa banki sabuwar ƙa'ida.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wa alaikumus salam. Malam, gyara na farko shi ne ku raba masu sa hannun gida biyu, rukunin A na shugaba da sakatare, rukunin B kuma na ma'aji, ta yadda ba za a biya cak ba sai an samu hannu ɗaya daga kowane rukuni, domin a tsarin da ka gada shugaba da sakatare suna iya kwashe asusun ba tare da ka sani ba. Ku tuna kuma cewa banki ba ya karanta tsarin mulkinku. Abin da ke cikin takardar umarnin da kuka ajiye masa kaɗai yake bi.

Hajiya Mai Binciken Kuɗi: Mu mun yi haka, har muka ƙara cewa duk abin da ya haura naira 200,000 sai mutum uku sun sa hannu, amma ba mu tsira ba. Da na zauna da takardar bayanin asusu ta wata uku, sai na ga cak uku masu lambobi a jere, kowanne na naira 190,000, duk cikin mako guda kuma da sunan mutum ɗaya. Naira 570,000 ke nan ta fita ba tare da hannu na uku ba. Yanzu jimillar abin da aka biya mutum ɗaya a wata muke lissafawa, kodayake wannan ba banki ne zai tsare mana ba, mu ne.

Sakataren Ƙungiyar Unguwa: A ganina a saka lambobin wayar shugabanni duka a alat, magana ta ƙare.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Alat yana da amfani, Malam Sakatare, amma bayan kuɗi sun fita yake zuwa. Abin da ya fi damuna shi ne katin ATM ko manhajar waya a hannun mutum ɗaya, domin waɗannan ba sa tambayar hannu na biyu, sai dai in an buɗe tsarin da ɗaya zai shigar da biya ɗaya kuma ya amince.

Sabon Ma'aji: To, idan shugaba zai tafi aikin Hajji fa? Wanda na gada yakan sa shi ya sa hannu a cak biyar babu adadi kafin ya tashi.

Hajiya Mai Binciken Kuɗi: Wannan kam kada ka kuskura, ƙanena, don asusun ya koma na mutum ɗaya ke nan. Ku saka mataimakin shugaba a rukunin A tun yanzu.

Sakataren Ƙungiyar Unguwa: Mu da muka ƙara mutum na huɗu, Hajiya, sai da muka yi wata biyu muna bin sa ya kai hoto da BVN, kuma da ya bar ƙungiyar an daɗe ba a cire sunansa ba.