Jawabin Godiya a Rufe Taron Horaswa: Ta Yaya Zan Ambaci Kowa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora mini jawabin godiya a rufe taron horaswa na kwana uku, kuma minti uku aka ba ni. Akwai masu shiryawa biyar, malamai huɗu da mahalarta arba'in. Ta yaya zan gode wa kowa ba tare da jawabin ya koma kiran suna ba?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Minti uku ba ya ɗaukar fiye da kalmomi ɗari uku da hamsin idan mutum yana magana a natse, saboda haka sai ka raba mutanen rukuni-rukuni, ka ware sunaye kaɗan. Malamai huɗun nan su ne suka fi cancantar a kira sunansu, amma kowane suna ya zo tare da abu guda da mai shi ya koyar, misali ka ce: "Malama wance ce ta sa muka sake lissafin kasafin aikinmu har sau biyu kafin muka gano inda kuskuren yake." Jimla irin wannan tana nuna cewa an saurari darasin. Masu shiryawa kuwa, ka ambaci shugabansu da muƙaminsa, sannan ka gode wa sauran ta bakin aikinsu, wato waɗanda suka kula da rajista, da ɗakin taro, da takardun darasi. Mahalarta kada ka kira sunan ko ɗaya, domin a madadinsu kake magana. Ka ce "mu", ka tuna wata muhawara da ta yi zafi a rana ta biyu. Alamar da za ta nuna maka ka faɗa cikin jeri ita ce ka ji "haka kuma muna godiya ga" ta fito daga bakinka sau uku a jere.

Hajiya Rabi: Ni a ganina, ɗan'uwa, kada ka kira sunan kowa, ka gode wa rukunonin kawai. Na taɓa ambatar masu shiryawa huɗu na tsallake na biyar, wanda shi ne ya fi kowa wahala, kuma har yau abin yana damuna.

Malam Sani: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma malamin da ya tsaya sa'o'i yana koyarwa zai ji babu daɗi idan aka dunƙule shi cikin "malamanmu". Maganin mantuwa shi ne a karɓi sunaye da muƙamai a rubuce daga hannun masu shiryawa tun daren jajibere, a kuma tambayi yadda ake furta su.

Bala: A wurin aikinmu mukan buga sunayen kowa a bayan takardar shaida.

Mai tambaya: Na gode, amma jawabin baka nake nufi. Sauran tambayata ita ce ta wanda ya ɗauki nauyin taron: shi zan fara ambata, ko shugaban taro?

Hajiya Rabi: Shugaban taro ake fara gaisarwa, amma godiyar farko ta mai ɗaukar nauyi ce.

Malam Sani: Ni da malamai nakan fara, domin a lokacin ne hankalin jama'a yake wurin. Ka tambayi masu shiryawa yadda suka saba.