Neman kalma: me za mu kira "sufafozishin" a wasiƙar malamin fiziks?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka. An ba ni fassarar wasiƙar da wani malamin fiziks ya rubuta wa ɗalibarsa, wadda ta faɗi gwajin farko na darasin kwantam, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su zarra, har tana shirin ajiye kwas ɗin. Jibi da safe za a karanta wa sabbin ɗalibai. An ba yarinyar halin wata ƙwayar zarra, ψ = (3/5)|↑⟩ + (4/5)|↓⟩, aka ce ta faɗi yiwuwar samun ƙwayar a sama ko a ƙasa in aka auna ta. Ta tara 3/5 da 4/5, ta ga 7/5, ya haura ɗaya, ta ce kanta ne ba ya ja. Malamin ya ce mata kowace lamba ake ninkawa da kanta, a sami 9/25 da 16/25, wato 36 da 64 cikin ɗari. Ga jimlar da ta tsaya mini a wuya: "Kada ki tafi, lissafinki bai lalace ba, mataki ɗaya kika tsallake, kuma kusan kowa a ajin nan yana tuntuɓe da ______ a makonnin farko." Na sa "gauraye". Ya yi?

Sani Ɗan Aji Uku: Wa alaikumus salam, Anti. A ganina ya yi. Ai abin yana sama kuma yana ƙasa a lokaci guda, ba shi ke nan ba?

Malam Fiziks: Malama, cire "gauraye" don Allah, da "cakuɗa" ma. Akwai wani abu daban a darasin da ke buƙatar wannan suna, kuma rikita su biyun ke kayar da ɗalibai. A gwajin da Stern da Gerlach suka yi a Frankfurt a 1922, an harba ƙwayoyin zarra na azurfa ta tsakanin maganaɗisu mai ƙarfin da bai daidaita ba, sai suka rabu gida biyu kacal, sama da ƙasa, babu na tsakiya. To ki ɗauki tuli biyu. Na farko gauraye ne na gaske: 36 cikin ɗari tun asali sama suke, 64 ƙasa, kamar farare da baƙaƙen duwatsu a buhu ɗaya. Na biyu kowace ƙwaya tana cikin halin ψ na wasiƙar. In aka auna su a tsaye, dukansu 36 da 64 za su bayar, ba mai bambance su. Amma a kwantar da maganaɗisun a auna ta gefe. Gauraye zai rabu rabi da rabi. Na biyun kuwa sai an tara lambobin tukuna, 7/5, a ninka da kansa a raba biyu, a sami 49/50. Wato 98 cikin ɗari gefe guda za su nufa.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Ashe 7/5 ɗin yarinyar yana da amfani.

Malam Fiziks: Sosai, amsar wata tambaya ce ta fara taɓowa. Kuma da alamar tsakiya ɗebewa ce ba tarawa ba, 2 cikin ɗari kawai za su bi wannan gefen, alhali awon tsaye bai canja ba ko kaɗan. Sani, maganarka ta "a lokaci guda" ana yawan faɗinta, amma ba ta nuna wannan alamar. Hali ɗaya ne cikakke, mu ne muka rubuta shi da sassa biyu.

Baba Mai Ƙamus: Tagwaitaka. Na daɗe da ƙirƙiro ta, kuma tana zama a baki. Tagwaye, tagwaita, tagwaitaka. Duk Bahaushe zai gane ba sai an yi masa sharhi ba.

Ustazu Bala: Larabawa "tarakub" suke cewa, abu ya hau kan abu. Me zai hana mu ce "tarakubi"? In kuma Hausa zalla ake so, ga "ɗoriya", daga ɗora.

Baba Mai Ƙamus: Kullum haka! Da an rasa kalma sai a ruga aro, kamar harshenmu maraya ne. Shi ya sa yaranmu suke ganin kimiyya ba tasu ba ce.

Ustazu Bala: Allah ya ja zamanin Baba, "kimiyya" da "kalma" da ka rubuta yanzu daga ina suka zo? Har "ƙamus" ɗin da ke jikin sunanka.

Baba Mai Ƙamus: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a gidanmu, sun zama 'yan gida. Taka jiya aka haife ta, kuma sai wanda ya yi makarantar Larabci zai gane ta. Ana so ne kawai a nuna an yi karatu.

Kabiru Injiniya: Ni dai shawarata ga yarinyar ta nemi tsofaffin takardun jarrabawa. Na maimaita kwas ɗin nan, da su na haye, har yau ban san me ψ take nufi ba. A bar shi sufafozishin mana, a jarrabawa ai shi za su gani.

Maman Hanifa: Injiniya, ba shawara ake nema wa yarinyar ba, malaminta ya riga ya ba ta. Baba da Ustazu, ku yi wa Allah, jibi ne fa.

Malam Fiziks: Baba, da girmanka, tagwaye mutum biyu ne, nan kuwa ƙwaya ɗaya ce. Sannan biyun ma dace ne na wannan misalin. A darasin ƙwaya cikin akwati, matakan kuzari ba su da iyaka, kuma hali ɗaya kan ƙunshi uku, ko goma, ko dukansu. Ran da aka zo nan me za mu ce?

Baba Mai Ƙamus: Sai a faɗaɗa ma'anarta. Haka harshe yake girma.

Malam Fiziks: "Ɗoriya" ta fi kusa, don igiyoyin ruwa ma haka suke hawa juna su ƙaru ko su kashe juna. Damuwata ita ce tana nuna akwai na asali a ƙasa da ƙari a bisa, alhali babu wanda ya riga wani.

Sani Ɗan Aji Uku: To "gamayya" fa, Malam? Gamayyar halaye.

Ustazu Bala: Wannan kamar sunan ƙungiyar siyasa. Kuma "halaye" zai kai hankalin mutane ga ɗabi'a.

Malam Fiziks: "Yanayi" kuma zai kai su ga damina da rani. Zan iya zama da "gamayyar hali", muddin an ajiye "gauraye" wa ɗaya abin. Ba ta faɗi komai game da alamar tarawa da ɗebewa ba, amma ba ta yi ƙarya ba.

Maman Hanifa: To ga yadda na sa: "Kusan kowa a ajin nan yana tuntuɓe da gamayyar hali, wato sufafozishin, a makonnin farko. Ki zo ofis da takardar gwajinki mu sake tambaya ta biyu tare." Sau ɗaya zan ambaci ta aron saboda maganar Injiniya. Na gode ƙwarai.

Baba Mai Ƙamus: Ki sa abin da kika ga dama, 'yata. Ni a rubutuna tagwaitaka ce. Kuma "kwantam" ɗin da kuke ta maimaitawa ba wanda ya ce uffan a kansa.

Maman Hanifa: Wannan sai bayan jibi, Baba.