Shafuka na jan ƙafa a shagona alhali data na nan

Sani Bizness Santa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka min da shawara. Tun da na canza rauta satin da ya wuce kwamfutoci uku na shago suka lalace da jinkiri, ka rubuta adireshin shafi sai ya tsaya yana ta juyawa kafin ya buɗe, amma in ya buɗe saukar da fayil gudu yake kamar ba shi ba. Ta huɗun kuma sam ba ta buɗe komai, sai ta rubuto DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG. Wayata a kan wannan rautar lafiya lau take. Ga masu rajistar jarrabawa sun cika min benci.

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Netwok ne kawai, ka canza layi. Nima jiya haka na sha fama.

Hajiya Rabi: Ɗanlami ya ce maka wayarsa lafiya lau a kan rauta ɗaya, ina ruwan layi a nan

Ɗanlami: To bairos ne. A yi musu fomatin.

Injiniya Bashir: Kai Ɗanlami kowace cuta maganinka fomatin 😂 Malam Sani kar ka goge komai tukuna. Yadda ka kwatanta, jinkirin yana wajen neman adireshi ne. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani, duk sunan shafin da ka rubuta sai ta fara tambayar lambarsa wajen DNS, wato sabar da ke maida suna lamba, in wanda take tambaya ba ya nan to tsayawa za ta yi tana jira. Je ka wadda ta mutu ɗin ka buɗe cmd ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya ka faɗa min abin da ya fito

```
ping 8.8.8.8
nslookup example.com
nslookup example.com 8.8.8.8
```

Sani Bizness Santa: Na farko ya amsa sau huɗu. Na biyu ya rubuta DNS request timed out, timeout was 2 seconds, kuma a sama na ga Address: 192.168.1.1. Na uku ya kawo lambobi nan take.

Injiniya Bashir: Shikenan an kama ɓarawo. Na farko ya nuna hanyarka ta fita intanet a buɗe take. Na uku ya nuna in aka tambayi sabar Google ana samun amsa. Na biyun ne kwamfutar ke tambayar wanda aka saita mata, shi ne ya yi shiru. Sabuwar rautar taka mene ne adireshinta? Buga `ipconfig /all` ka duba layin Default Gateway da layin DNS Servers.

Sani Bizness Santa: Default Gateway 192.168.8.1, DNS Servers 192.168.1.1. A sauran ukun kuma akwai 8.8.8.8 a ƙarƙashinsa.

Injiniya Bashir: To ka gani. 192.168.1.1 tsohuwar rautar ce wadda ka cire, wani ya taɓa rubuta ta da hannu a saitin, yanzu kwamfutocin suna ta sallama a gidan da aka tashi. Ukun da ke da 8.8.8.8 a matsayin na biyu suna jira ne su gaji sannan su koma kansa, shi ya sa suke buɗewa amma a makare, kuma shafi guda yakan ɗauko hotuna da talla daga sunaye da yawa, kowane sabon suna na iya jawo nasa jiran. Ta huɗun ba ta da na biyu, ita ce ta zauna. Buga `ncpa.cpl`, danna dama a kan katin netwok ɗin, Properties, sai ka danna Internet Protocol Version 4 sau biyu, ka zaɓi Obtain DNS server address automatically. Bayan nan `ipconfig /flushdns` ka rufe burauza ka sake buɗewa.

Usman Zariya: Ni shawarata kar ma ya bar shi a otomatik, ya sa 1.1.1.1 da 1.0.0.1 na Cloudflare. Tunda na sa shi gudun intanet ɗina ya ninka.

Injiniya Bashir: Usman, gudun bai ninka ba, fara buɗe shafi ne ya yi sauri. DNS ba ya ƙara maka ko megabait ɗaya a gudun saukarwa. Kuma rubuta lamba da hannu a kowace kwamfuta ai shi ya kai Malam Sani inda yake, in za a sa a sa a cikin rauta wuri ɗaya.

Usman Zariya: Ai 1.1.1.1 ba ta tashi daga gida kamar rautarsa. Ni dai na ga bambanci da idona.

Maman Ilham: Bari in ba ku nawa labarin don wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani yaro mai gyaran waya ya ce zai toshe min tallace-tallace, ya shiga Private DNS a wayata ya rubuta wani suna da ban sani ba, wata biyu komai lafiya, ranar nan na tashi da safe babu shafin da ke buɗewa, ga odar atamfa mutane na jira. Na sayi data sau biyu ina zaton ƙarewa ta yi, na cire sim na goge na mayar, na je ofishin kamfanin layin na bi layi tun safe har azahar suka ce layina ba shi da matsala. Har na fara tambayar kuɗin sabuwar waya. Ƙanena ne ya zo da yamma ya ga wayar ta rubuta Private DNS server cannot be accessed, ashe sabar da yaron ya sa ce ta daina aiki, kuma in ka rubuta suna a wurin waya ba ta komawa kan na kamfanin layi, tsayawa take cak. Ya mayar da shi Automatic, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya dawo. Kuɗin datar nan dai sun tafi.

Hajiya Rabi: Sannu Maman Ilham. Atamfar dai har yanzu ban ga tawa ba 😄

Maman Ilham: Hajiya kin biya ne?

Ɗanlami: A ina ake samun wannan Private DNS ɗin, ban gan shi a tawa ba

Usman Zariya: Daga Android 9 ya fara. Ka rubuta sunan a wurin bincike na Settings. Suna yake karɓa, `dns.google` ko `one.one.one.one`, in ka sa lamba ba zai karɓa ba.

Abba Mai Shafi: Tunda ana maganar, nawa shafin da na mayar sabon hostin shekaranjiya wasu na ganin sabon wasu na ganin tsohon. In sa 8.8.8.8 zai gyaru?

Injiniya Bashir: Abba naka daban ne, ba a kwamfutarka matsalar take ba. Buga `nslookup -type=NS` da sunan shafinka ka ga ko sabobin sunan sabon hostin ɗin ne suka fito. In su ne, ka tambayi ɗaya daga cikinsu kai tsaye, wato `nslookup` sunan shafin sannan sunan sabar. In ta ba ka sabuwar lamba to aikinka ya yi, masu ganin tsohon tsohuwar amsa ce ke ajiye a wurin DNS ɗinsu sai wa'adin ajiyarta, wato TTL, ya cika. In tsofaffin suka fito ka koma inda ka yi rajistar sunan ka duba abin da ka rubuta.

Abba Mai Shafi: Ɗaya sabo ɗaya tsoho ya fito

Injiniya Bashir: To ka manta ba ka goge tsohon ba. Jira ba zai gyara wannan ba.

Usman Zariya: Injiniya ka zo mu gwada da `dig` mu ga Query time na 1.1.1.1 da na layinka, wanda ya faɗi ya sayi tsire.

Injiniya Bashir: Sai dai a gwada sau da yawa da sunaye daban-daban, don tambaya ta biyu daga ajiya take fitowa, kowa ma sauri zai yi.

Sani Bizness Santa: Uku sun dawo daidai, Allah ya saka da alheri. Ta huɗun tana neman faswod ɗin admin, yaron da ya saita ta kuma ya tafi bautar ƙasa, wayarsa a kashe.

Ɗanlami: Na ce muku fomatin