Bashin kaya daga dila: shin da gaske babu ruwa a cikinsa?

Garba: Ni dai na tsaya a kan cewa ga mai shagon kayan masarufi babu jarin da ya kai karɓar kaya bashi a wurin dila. Ba ruwa, ba takarda, ba jingina. Rancen dangi, adashi da banki duk suna bayansa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Isiyaku: Garba, ruwan yana nan, cikin farashi aka zuba shi. Shiga kasuwar Singa ta Kano ka tambayi buhun sukari sau biyu, da kuɗi a hannu da kuma biyan mako biyu. A misali a ce na farko naira 80,000, na biyu 82,000. Wannan 2,000 ɗin kashi 2.5 ne cikin ɗari a kwana 14. Shekara tana da irin waɗannan kwanaki sau 26, wato wanda ya ɗore a haka yana biyan kusan kashi 65 a shekara. Banki kuwa, ko a lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, idan ya ba ka a kashi 30, ruwan 80,000 na kwana 14 bai kai naira 1,000 ba. Sannan ka duba ribarka: in buhun yana bar maka 5,000 bayan ka auna shi mudu-mudu da ƙulli-ƙulli, dila ya ɗauke biyu cikin biyar.

Abdulhadi: To ai wannan ribar da addini ya haramta ce ƙarara, Malam. Bai kamata ma a sa ta a lissafi ba.

Malam Isiyaku: A'a, ɗana, ba hukunci nake yankewa ba, tsada nake aunawa. Mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya a farashi mafi tsada in biya na jinkiri ne, muddin an tsayar da farashi ɗaya da rana ɗaya tun wurin ciniki. Inda matsala take shi ne ranar ta zo ba ka biya ba, a ce an ƙara maka wani abu saboda jinkirin.

Hajiya Rabi: Lissafin Malam daidai ne a takarda, amma wane banki ne zai ba mai shago a Kurna rance na kwana 14 a kashi 30? Bankin kasuwanci zai nemi rajistar kasuwanci, bayanan asusu na wata shida ko shekara, da jingina ko mai tsaya maka. Wanda zai saurari ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ƙaramin bankin lamuni, kuma lissafinsu na wata-wata ne. A ce kashi 4 a wata kan miliyan ɗaya, wata shida. Ruwan 40,000 ne kowane wata, jimla 240,000, kana biyan wajen 206,700 duk wata. Abin da mutane ba sa lura da shi: ruwan a kan miliyan ɗin farko ake ci gaba da lissafa shi, alhali a wata na shida abin da ya rage a hannunka bai kai 170,000 ba. In ka daidaita, kuɗin da ka riƙe bai wuce 580,000 da 'yan kai ba, saboda haka ainihin tsadar ta haura kashi 6 a wata. Ga kuɗin takarda da ake cirewa kafin kuɗin su shigo. Wannan ya fi na dilan tsada, tunda kashi 2.5 a mako biyu kusan kashi 5 ne a wata.

Garba: Yawwa Hajiya. Kin ga ke nan na ci.

Hajiya Rabi: Ba ka ci ba tukuna. Ka kayar da banki ne kawai, saura adashi. Mutum goma, zubin 50,000 duk mako, kwasa 500,000. Babu ko kwabo na ruwa, sai ɗan abin da ake ba uwar adashi. Da wannan kwasar za ka shiga Singa ka ɗauki buhu shida da kuɗi a hannu, har ka yi tayi, abin da mai karɓar bashi ba ya iya yi.

Malam Isiyaku: Na farko da na biyu ne suka samu rance, Hajiya. Na goma shi ya ba da rance. Mako tara yana cire 50,000 daga jarinsa yana miƙa wa wasu su juya, ranar da ya kwasa kuwa kuɗinsa ne kawai suka dawo. A shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30, kuɗin da suka dawo ba za su sayi buhunan da za su saya a makon farko ba. Kuma kowa so yake kwasarsa ta faɗo kafin azumi, lokacin da sukari da gero da mai suke tafiya, amma mutum ɗaya ne zai samu wannan layin. Inda adashi yake fashewa kuma sananne ne: wanda ya riga ya kwasa ya fara tsallake zubi. Alamar farko ita ce uwar adashi ta fara kawo kwasa gutsure-gutsure.

Hajiya Rabi: Shi ya sa na fi son ƙungiyar gama kai mai rajista. Kana ajiya wata shida, a ba ka ninki biyu na ajiyarka, mambobi biyu su tsaya maka. Amma na yarda, rabin abin da aka ba ka kuɗinka ne, kuma sai taro ya zauna.

Binta: Ku taimaka min da nawa. Yayana ya ba ni 600,000 na ƙara a shago, ya ce "ki juya". Ba mu yi maganar rana ba. Wannan ba ya fi duka ba?

Malam Isiyaku: A arha ya fi duka, 'yata, amma ki koma ki tambaye shi abu biyu tun ana zaman lafiya. Na ɗaya, rance ne ko ƙiradi? In rance ne, 600,000 za ki mayar ko kin ci riba ko kin faɗi. In ƙiradi ne, yana da kaso a riba, rabi ko sulusi yadda kuka yanka, asarar da ba ta sakacinki ba kuma a kan dukiyarsa take. "Ki juya" tana ɗaukar ma'ana biyun, kowannenku zai tuna wadda ta fi masa daɗi. Na biyu, yaushe? Rancen da ba shi da rana ana nemansa ne ranar biki ko asibiti, lokacin da kuɗin suka zama katan-katan a kan kanta. Sai ki karyar da kaya ki biya. Ku rubuta, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, ku kuma sa sharaɗin sanarwar wata ɗaya ko biya kashi uku.

Garba: Duk da haka akwai abin da ba ku lissafa ba. In na sayar da sukarin a kwana biyar, kuɗin dila suna hannuna kwana tara, in sayi taliya da su da kuɗi a hannu, in juya sau ɗaya ko biyu kafin ranarsa.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne ga kaya masu gudu: sukari, taliya, omo. Amma dila ba ya ba ka abin da kake so kaɗai, yakan haɗa maka da wanda ya kwanta masa. In ranar biya ta zo rabin kayan na nan, sai ka karɓo wurin dila na biyu ka sayar da araha ka biya na farko. Wanda ya fara haka zai ga shago cike, amma in ya cire abin da ake binsa daga kuɗin kayan da ke kanta, ba zai samu komai ba. Ka yi wannan ragin duk Juma'a.

Abdulhadi: Bankunan Musulunci fa, irin Jaiz da TAJ? Su ai kayan suke saya su sayar maka.

Malam Isiyaku: Murabaha ke nan, kuma kusan abin da dila yake yi ne, sai dai ribar a rubuce take kuma wa'adin ya fi tsawo. Takardu da mai tsaya maka suna nan yadda suke a kowane banki. Garba, kawo mana ainihin farashi biyun da dilanka ya ba ka wannan makon. In tazarar ba ta kai 800 a buhu ba, zan bi bayanka.

Garba: Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa. Amma shi ba ya faɗin na kuɗi a hannu ga wanda ya saba ba bashi, sai dai in tura yaro ya tambaya.