Dalilin tsayawar manhajar kwaso farashi

Barka da safiya, Oga.

Tun Litinin manhajarmu ta kwaso farashi take dawo da fayil fanko. Masu shafin da muke kwaso farashin daga cikinsa sun sauya masa fasali. Da, farashin yana cikin `span.price`, amma yanzu JavaScript ne yake zuba shi bayan shafin ya buɗe, `requests` kuwa ba ya gudanar da JavaScript. Sabar tana amsawa da 200, shi ya sa ba mu ga kuskure ba.

Na gwada Playwright, farashin ya fito, sai dai shafi ɗaya yana cin daƙiƙa 6, ga shafuka 3,000, wato awa 5.

Don Allah, in ci gaba da Playwright, ko mu nemi izinin amfani da API ɗinsu?

Na gode.